Taken B ya ci, ko dai dace ne kawai?

Mu ɗauka mai sayar da atamfa tana da adireshin imel na kwastomomi 400, tana son sanin wane take ne ya fi sa a buɗe saƙonta. Taken A ya ce “Sababbin atamfofi sun iso”, taken B kuma “Ragin farashi zai ƙare ran Juma'a”. Ta raba mutanen gida biyu ta hanyar kuri'a, 200 kowane ɓangare, ta tura a lokaci guda. Wannan shi ake kira gwajin A/B.

Mutum 44 suka buɗe A, wato kashi 22 cikin ɗari, 56 suka buɗe B, kashi 28. Da gani za ka ce B ya ci da tazarar maki 6. To amma fa mutum 12 ne kacal bambancin. Ko da take ɗaya ta tura wa ɓangarorin biyu, ba lallai su fito daidai ba, don kuri'ar na iya tara masu yawan duba imel a gefe guda.

Ana auna girman wannan tangal-tangal ɗin da lissafi mai sauƙi, inda p1 da p2 su ne 0.22 da 0.28, n kuma 200:

```
√( p1(1−p1)/n + p2(1−p2)/n ) ≈ 0.043
```

Wato maki 4.3. A ninka sau biyu, a samu kusan 8.6, sai a ɗebe shi daga 6 sannan a ƙara shi a kan 6. Ke nan ainihin bambancin na iya kamawa daga A ya fi da kusan maki 3 har zuwa B ya fi da kusan 15. Sifili na ciki. Hasali ma, ko da takunan biyu ƙarfinsu ɗaya ne, tazara mai girman wannan ko fiye za ta riƙa fitowa kamar sau ɗaya cikin gwaji shida.

Don ta iya gano tazarar maki 6 a gwaji takwas cikin goma, sai ta samu kusan mutum 800 a kowane ɓangare. In tazarar maki 3 ce, fiye da 3,000, domin raba tazara biyu na ninka adadin da ake buƙata kusan sau huɗu.

Wani abin kuma, ba kowace “buɗewa” ce karatu ba. Tun 2021 manhajar imel ta Apple ke iya sauke hotunan saƙo da kanta, sai a ƙirga an buɗe alhali mai wayar bai duba ba.

A ganina, ta tura B a gaba, tunda dole ta zaɓi ɗaya kuma ba ya cin kuɗi. Amma a littafinta ta rubuta “B 56 cikin 200, A 44 cikin 200, bai tabbata ba”, sannan ta maimaita irin gwajin a saƙonni uku masu zuwa, ta haɗa alƙaluman su kai 800 a kowane gefe.