Ɗango huɗu ga abokin da ke kwance a asibiti

Wanda ke kwance a gadon asibiti, da ƙarin ruwa a hannu da magani a jiki, ba shi da ƙarfin karanta doguwar waƙa. Saboda haka baitin da za a rubuta masa a cikin kati kada ya wuce ɗango huɗu. Sau da yawa ma ba shi zai karanta ba, mai jinyarsa ne zai karanta masa a gaban sauran majinyata, don haka ba a sa sirri ko barkwancin da zai ba shi kunya.

A ce aboki ne da ake shan shayi tare da shi kowane dare a majalisa, ya faɗi a babur ya samu karaya. Ga abin da za a iya rubuta masa:

Sannu aboki, sannu da jinya,
Shayi ya huce, babu dariya,
Muna ta kewarka a zuciya,
Allah ya tashe ka da lafiya.

Ɗango na farko gaisuwa ce, na ƙarshe addu'a, kamar dai yadda ake yi in an je dubiya. A ganina na biyu shi ne ran baitin. Kowa zai ce masa Allah ya ƙara sauƙi, amma abokan majalisa kaɗai suka san zancen shayin. Shi ne zai nuna masa cewa an lura da rashinsa, kuma wurin zamansa na nan yana jiransa. In ɗan kasuwa ne, a ambaci rumfarsa. In mai son ƙwallo ne, a ambaci fili.

Wajen gini, a fara zaɓen amsa-amo. "Lafiya" tana da 'yan'uwa da yawa masu ƙarewa da "ya", shi ya sa ta fi sauƙi. Kowane ɗango a nan gaɓa 10 ne, amma ƙirga kaɗai ba ta isa ba, domin karin waƙar Hausa yana bin tsawo da gajartar gaɓa. A karanta a bayyane. Inda harshe ya yi tuntuɓe, a sauya kalma. A kuma guji cusa kalma irin "gaskiya" a ƙarshen ɗango don kawai ta yi amo, mai sauraro zai ji cewa ciko ce.

Abin da ya fi ɓata irin wannan baiti shi ne alkawarin da ba a hannunmu yake ba. "Gobe za a sallame ka" yana da daɗin ji, amma in ciwon mai tsanani ne, ko likita ya ce sai an ƙara tiyata, katin zai koma abin da ke sosa rai. Haka ambaton sunan cutar, ko wa'azin mutuwa. Waɗannan a bar su.

A rubuta da hannu, da manyan haruffa, a sa suna a ƙasa, domin kati kan rabu da ambulan ɗinsa a kan durowar gefen gado.