Takardar Rufe Ciniki: Yadda Ake Gane Gibi da Rara a Durowar Kuɗi

A kantunan da ke sayarwa da injin ciniki, kashiya ba ya tashi aiki sai injin ya fitar da wata doguwar takarda mai kama da rasit. Yawancin injuna suna kiranta Z Report. Tana tattara cinikin ranar gaba ɗaya, sannan ta rufe lissafin domin gobe a fara daga sifili. Akwai 'yar uwarta, X Report, wadda ake iya fitarwa ko da tsakar rana ba tare da an rufe komai ba. Abin da ya kamata mai kanti ya riƙe shi ne, takardar tana faɗin abin da aka danna wa injin ne kawai. Ba ta san abin da ke cikin durowa ba.

Mu ɗauki misalin wani kantin kayan masarufi da takardarsa ta fito haka:

```
Gross Sales   486,000
Discount        6,000
Refund         10,000
Net Sales     470,000
Cash          215,000
Card          160,000
Transfer       95,000
Paid Out       12,000
```

Layin farko shi ne jimillar kayan da aka sayar kafin a cire komai. Idan aka cire rangwamen naira 6,000 da naira 10,000 da aka mayar wa waɗanda suka dawo da kaya, sai a sami ainihin ciniki, wato naira 470,000. Layuka uku na gaba suna nuna hanyar da kuɗin suka shigo: tsabar kuɗi, kati, da taransifa. Idan aka haɗa su dole su ba da 470,000 cif. A littafin ciniki kuwa, kowace hanya a ba ta gurbinta daban, domin kowace da abin da ake gwada ta da shi. Kati ana gwada shi da takardar na'urar POS, taransifa da abin da ya shiga asusun banki, ba da saƙon da mai saye ya nuna a wayarsa ba, tsabar kuɗi kuma da ƙirge.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga kuɗin durowa a gwada da layin Cash kai tsaye. Akwai kuɗin canji da aka zuba da safe, a ce naira 20,000, waɗanda ba ciniki ba ne. Akwai kuma naira 12,000 da aka ɗiba aka sayo man janareta, su ne layin Paid Out. Saboda haka abin da ya kamata a tarar shi ne 20,000 a haɗa da 215,000 a cire 12,000, wato naira 223,000. Sai dai a san halin injin: wani yana cire kuɗin da aka mayar daga layin Cash tun farko, kamar wannan, wani kuwa sai mutum ya cire da kansa.

To, an ƙirga 'yan dubu-dubu daban, 'yan ɗari biyar daban, har zuwa ƙananan canji, sai aka sami naira 214,500. Gibin naira 8,500 ke nan. Kafin a ɗora wa kashiya laifi, a duba sauran hanyoyin. A wannan misali, na'urar POS ta nuna naira 168,500, alhali injin ya ce 160,000. Rarar da ke wajen kati ta yi daidai da gibin durowa. Ma'ana, wani ya biya da kati, kashiya ya danna Cash. Ko sisi bai ɓata ba. A littafi sai a rubuta tsabar kuɗi 206,500, kati 168,500, taransifa 95,000, jimilla tana nan 470,000, a kuma rubuta dalilin gyaran.

Idan ba a sami irin wannan daidaito ba, girman bambancin kan nuna hanya. Gibin naira 500 ko 1,000 cif yakan zo daga canji ko ƙirge, sai a sake ƙirgawa. Bambancin da ke rabuwa da tara ba saura yakan nuna an juya lambobi wajen rubutu, kamar 5,400 ta koma 4,500, bambanci 900. Gibin da ya yi daidai da kuɗin wani aike kuwa, galibi an ɗebi kuɗin ne ba a shigar ba.

Rara ma ba abin murna ba ce. Ko dai an tauye wa mai saye canjinsa, wanda haƙƙi ne a wuyan kanti, ko kuma an karɓi kuɗi ba a shigar da kayan ba, abin da zai ɓata lissafin haja daga baya.

Tsarin da ke kare kowa shi ne kashiya ya ƙirga kuɗin ya rubuta kafin ya ga takardar, mutum na biyu ya sake ƙirgawa, su sa hannu tare. A rubuta gibi ko rara kullum komai ƙanƙantarsa, kada a cike daga aljihu. A kuma lura da lambar da ke kan kowace Z Report, domin tana tafiya bi da bi. Idan ta yi tsallake, akwai takardar da ba ta iso hannun mai kanti ba. Takardar injin tana dusashewa da zafi da hasken rana, don haka a kwafe lambobinta a littafi tun a daren.