Fanka Na Gudu, Amma Ta Ƙi Waiwaye

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke kan ganiyarsa, ba ƙaramin rikici ba ne a ɗaki idan fankar tsaye ta kafe kanta wuri guda. Wanda ke gabanta yana shan iska, sauran kuwa sai fifita. Da yawa kan ɗauka inji ne ya fara mutuwa, har su soma lissafin kuɗin sabuwa. Alhali muddin fuka-fukai na gudu da ƙarfinsu, kwayil da kafasito lafiyarsu lau. Matsalar tana can ƙeyar fankar, cikin wani ɗan akwatin giya da bai cika tafin hannu ba.

Injin fanka yana juyawa fiye da sau 1,000 a minti, amma kanta ba ya kai-komo fiye da sau 5 ko 6. Akwatin giyar nan ne ke rage gudun. Ƙarshen sandar injin ta baya tana da zare irin na noti, zaren yana tura wata giyar roba, ita kuma tana kewaye da siririn fin da ke tsaye, wanda maɓallin nan da ake dannawa yake bisa kansa. A jikin fin ɗin akwai ƙwayoyin boris biyu ƙanana da sifirin a tsakaninsu. Idan aka danna maɓalli, ƙwayoyin su faɗa gurbinsu a cikin giyar, su ɗaure ta da fin. Daga nan fin ya juya babbar giya ta ƙasa, ita kuma ta juya wani faifai mai riƙe da ɗan hannun ƙarfe da aka ɗaure a wuyan fanka. Hannun nan shi ke jan kai dama da hagu.

Gogaggen mai gyara ba ya fara kwance komai. Yakan kunna fanka, ya danna maɓalli, ya zuba masa ido, domin a fanka mai lafiya maɓallin kansa yana juyawa a hankali. Idan yana juyawa amma kai bai motsa ba, laifin yana ƙasa, galibi sukurun hannun ƙarfen ne ya kwance ya faɗi, kuma za a ga kan yana lilo duk inda aka tura shi. Idan maɓallin ya tsaya cik, ko ya riƙa tasowa da kansa bayan an danna, to fin ne ya suɓuce daga giyarsa. Ƙarar ƙas-ƙas kuwa, wadda kai ke ɗan zabura ya koma, tana nuna haƙoran roba sun cinye.

Ɗauki fankar da maɓallinta ya shige ya zauna sakwa-sakwa, ba ya kama komai. Bayan an zare ta daga soket, sai a kwance sukurun da ke tsakiyar maɓallin. Sau da yawa aikin a nan yake ƙarewa: robar maɓallin ce ta tsage, tana zamewa a kan fin. A kama fin ɗin da filaya a danna shi, in kai ya soma waiwaye, sabon maɓalli kawai ake buƙata. In bai yi ba, a cire murfin baya, a buɗe akwatin giya, amma a shimfiɗa farin ƙyalle tukuna. Ƙwayoyin boris ɗin ba su wuce ƙwayar dawa ba, kuma da an zaro fin sifirin yake harba su. Wanda ya taɓa neman su a kan tabarma ya san wahalar. A wanke tsohon giris da kananzir, domin ƙurar hunturu takan mai da shi kamar laka, a shafa sabo, wanda zai riƙe ƙwayoyin a raminsu har a mayar da fin.

Giris ake sa wa, ba man gyaɗa ko baƙin mai ba. Mai ruwa-ruwa zai tsiyaye ya bar haƙora a bushe.

Haƙoran da suka cinye ba su ɗaukar gam. Gara a canza akwatin giyar ɗungurum, ana samunsa wurin masu kayan lantarki a kasuwanni irin su Sabon Gari ta Kano. Sai dai a tafi da tsohon a hannu, saboda ramukan sukuru da yawan haƙora sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Abin da ya fi cinye su kuwa shi ne murɗa kan fanka da hannu alhali maɓalli na danne, ko ajiye ta kusa da bango ko labule inda kan zai riƙa tokarewa.

Yawancin fankoki masu rimot ba su da wannan maɓalli. Wani ɗan inji ne daban a ƙarƙashin kai, mai cin wat 4 ko kusa da haka, yake yin aikin. A jikinsa akan ga an rubuta 5/6 RPM, kuma idan ya lalace ba a buɗe shi, sabo mai irin wannan lamba ake sawa a gurbinsa.