Babur na biyan kaɗan-kaɗan: ina kowane zubi yake tafiya?

Babur ɗin da aka saya a kan biyan kaɗan-kaɗan yana da farashi biyu: na kuɗi hannu, da na bashi, wanda ya haɗa da ribar mai bayarwa. Da yawa daga cikin 'yan acaɓa sun san abin da suke zubawa duk mako, amma ba su san nawa ne ke cin jikin bashin ba, nawa ne kuma riba.

A ɗauki misalin sabon Bajaj Boxer, a ce farashinsa kuɗi hannu naira 1,200,000 ne. Dillali ya karɓi 200,000 kafin alƙalami, saura miliyan ɗaya. Ya ɗora ribar 500,000, aka yi yarjejeniyar zuba 30,000 duk mako har mako 50, wato 5,000 a kullum na kwana shida. Jimillar abin da mahayin zai biya ta zama 1,700,000.

Idan aka raba ribar daidai a kan makonnin, cikin kowace 30,000, naira 20,000 ce ke rage kuɗin babur, 10,000 kuma ta dillali ce. Ribar ta fi yadda ake ganinta nauyi. An lissafa ta ne a kan miliyan ɗaya cif, alhali bashin raguwa yake yi kowane mako. Ko a makon ƙarshe, da saura 20,000 kacal na kuɗin babur, ribar tana nan a 10,000. Zubin kuma bai shafi mai, baƙin mai, taya, sarƙa ko tikitin ƙungiya ba. Duk waɗannan daga aljihun mahayi suke fita, sai in takarda ta faɗi akasin haka.

A ƙarshen mako na 20, ya zuba 600,000, da kafin alƙalami 800,000 ke nan. Ana bin sa 900,000, wato 600,000 na babur da 300,000 na ribar makonnin da ba a shiga ba. Nan ne rigima ta fi tashi. In mahayin ya ɗauki adashi ya zo biyan sauran gaba ɗaya, shi yana ganin 600,000 ce a kansa, dillali kuwa 900,000 yake gani. Abin da aka rubuta tun ranar farko ne zai raba gardamar, shi ya sa ya kamata a tambayi batun rangwamen biya da wuri kafin a sa hannu. Ko a tsarin murabaha na bankunan Musulunci irin su Jaiz, farashin da aka yanke shi ne bashin, rangwame kuma ganin damar mai sayarwa ne.

Fashin zubi shi ne babban haɗari. A ce ciwo ya kwantar da mahayin a mako na 21 da na 22, kuma yarjejeniya ta sa tarar 3,000 ga kowane makon da aka tsallake. Da ya dawo da 30,000, wasu dillalan tarar 6,000 suke fara cirewa, sai 24,000 kawai ta shiga lissafi. Shi a ransa mako biyu ake bin sa, a littafin dillali kuwa ya zarce haka. Hanyar ganewa ita ce a nemi kowane rasit ya nuna kwanan wata, abin da aka karɓa, abin da aka cire da abin da ya rage, mahayin kuma ya riƙe nasa littafin. Mutumin da ya tsaya masa ma ya kamata ya riƙa dubawa, domin shi za a nema in abu ya ɓaci.

A yarjejeniyar haya mai ƙarewa da saye, babur na dillali ne har sai an yi zubin ƙarshe, don haka sayar da shi ko jinginar da shi kafin nan laifi ne. Amma dokar Najeriya ta 1965 ta yi wa ƙwace iyaka: da zarar an biya kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin abin hawa, mai shi ba zai karɓe shi ba sai ta kotu. A wannan misali adadin shi ne 1,020,000, wanda mahayin da bai yi fashi ba zai haura a mako na 28. Duk da haka, in zubi uku suka taru ba a biya ba, dokar ta ba mai shi damar ɗauke babur ya ajiye har kotu ta yanke hukunci.

Bayan zubi na 50, akwai abubuwan da mahayin ke bin dillali: asalin rasit mai lambar inji da lambar jikin babur, takardun rajista, takardar da ke nuna mallaka ta koma sunansa, da makulli na biyu. In an sa wa babur na'urar bin sawu, a lokacin ne za a cire ta ko a miƙa masa ikonta.