Hoton lissafi ya shigo waya, babu ko kalma ɗaya: me za a yi da shi?

Duk wanda aka san ya iya lissafi a dangi ya saba da wannan. Bayan sallar isha'i waya ta yi ƙara, ya duba, sai ga hoton shafin littafi daga ƙanensa da ke shirin WAEC. Ba sallama, ba tambaya. Amsa yaron yake so, ko a duba masa aikinsa, ko a koya masa hanya? Yawancinmu biro muke rarumowa mu warware, mu tura. Amma shafin da kansa yakan faɗi abin da ake bukata, in aka tsaya aka karanta shi da kyau.

Kafin komai, a sake rubuta tambayar a mayar wa mai ita: “Ƙanena, 2x² − 7x + 3 = 0 ka rubuta?” Rubutun hannu yana yaudara, balle an ɗauki hoton da hasken tocila. Bakwai takan yi kama da ɗaya, alamar debewa takan ɓace a cikin layin takarda, gefen hoto kuma yakan yanke wata lamba. A wannan tambaya, wanda ya ɗauki 7 a matsayin 1 zai tarar babu wata lamba ta yau da kullum da za ta warware lissafin. Idan aikin aji ya ƙi fita haka, a fara zargin karatun hoton kafin a zargi malamin da ya ba da shi.

Daga nan sai a dubi abin da ke ƙarƙashin tambayar. Idan yaron ya yi aiki har ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, dubawa yake nema. A ce ya rubuta (2x − 1)(x − 3) = 0, sannan ya ce x = 2 ko x = 3. Sai a mayar da kowace amsa cikin tambayar. Da 3, za a sami 18 − 21 + 3, wato sifili, ta yi daidai. Da 2 kuwa, 8 − 14 + 3 ne, wanda ya ba da −3, ba ta yi ba. Yanzu sai a bi layukan daga sama har a kai kan na farko da ya karkace. Bakan nan biyu daidai suke. Matsalar tana wajen 2x = 1, inda ya raba 2 da 1 maimakon ya raba 1 da 2. Amsar ½ ce. Wannan layi kaɗai za a nuna masa, a kuma gaya masa sauran aikin yana da kyau. Wanda ya tura masa sabon warwara daga farko ya binne kuskuren, kuma yaron zai maimaita shi a zauren jarrabawa.

Idan kuma aikin ya tsaya a tsakiya, ga goge-goge, ga layi an soke, bayani ake bukata, daga daidai inda biro ya tsaya. Wataƙila ya rubuta 2 × 3 = 6 ya kasa gaba. Sai a tambaye shi: waɗanne lambobi biyu ne in an ninka su za su ba da 6, in an haɗa su su ba da −7? A bar shi ya gano −6 da −1 da kansa, ya rubuta 2x² − 6x − x + 3, ya ƙarasa. A takardar WAEC da ake nuna aiki, matakai suna da makinsu daban da na amsa, don haka amsa tsura ba ta kai ɗalibi ko'ina.

Shafin da ba a taɓa ba shi ya fi wuyar fassara. Wani bai san ta inda zai fara ba, wani kuwa jinga ce yake so a yi masa ya kwafa da safe. Tambaya ɗaya takan raba gardama: “Ka gwada? A ina ka maƙale?” In ya ce bai gane komai ba, a warware masa makamanciyarta, kamar 3x² − 7x + 2 = 0, mataki-mataki, a ce ya yi tasa ya turo.

Akwai lokacin da warwarewa kai tsaye ita ce daidai: uba da ke son duba aikin 'yarsa, ko malama da ke shirya darasin gobe. Su ma a ba su matakan duka, a rufe da gwajin mayar da amsa cikin tambaya, domin su iya tabbatarwa da kansu ba tare da sun dogara da kowa ba.