Ƙwallo Mai Tsalle: Darasin Farko na Zanen Motsi a Blender

Blender manhaja ce ta kyauta da ake ƙera hotuna masu siffa da fina-finan katun da ita, kuma tun shekarar 2002 aka sake ta ga kowa. Masu koyar da zanen motsi kan fara ne da ƙwallo mai faɗowa tana tsalle, domin a nan ɗalibi ke gane cewa nauyin abu a ido daga lokaci da tazara yake fitowa.

Idan aka buɗe manhajar, za a tarar da wani akwati a tsakiya. Sai a zaɓe shi, a danna X a goge. Daga nan a danna Shift+A, a shiga Mesh, a ɗauki UV Sphere, wato ƙwallon; a sake bin hanyar a ɗauki Plane ya zama ƙasa, a faɗaɗa shi da S. Lamba 1 ta ɓangaren lambobin madannai tana juyo da kallo ta gaba, inda hawa da sauka suka fi fitowa sarai.

Blender na auna matsayin ƙwallo ne daga cibiyarta, kuma daga cibiya zuwa baki mita ɗaya ne. Don haka ƙwallon tana taɓa ƙasa ne idan tsayinta, wato Z, ya kai 1. Wanda ya sa 0 zai ga rabinta ya nutse.

Motsin fim hotuna ne jere da juna, kowanne ana ce masa firam, kuma Blender na nuna 24 a daƙiƙa ɗaya idan ba a canza ba. Mai aiki ba ya zana kowane firam. Yana kafa muhimman matsayi ne kawai, waɗanda manhajar ke kira keyframe, ita kuma ta cike tsakani. A zaɓi ƙwallon, a danna N, a nemi Location. A firam na 1 a rubuta 9 a gurbin Z, a danna gurbin da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Insert Single Keyframe. Gurbin zai koma rawaya, alamar ya kama. Sai a matsa zuwa firam na 13 a Timeline, a rubuta 1, a sake kafawa. Dole a fara sauya firam kafin a sauya lamba, in ba haka ba sabon matsayin zai ɓace da zarar an motsa.

Kowane tsalle bai kai na baya ba, kuma lokacinsa ma raguwa yake yi, sai dai ba daidai da tsayin ba: idan tsayi ya ragu da rabi, lokaci yakan koma kusan kashi 7 cikin 10. Faɗuwar farko mita 8 ce cikin firam 12, saboda haka tsalle na mita 4 zai ci kamar firam 8. Ke nan a sa Z ya zama 5 a firam na 21, 1 a na 29, 3 a na 35, 1 a na 41, 2 a na 45, sannan 1 a na 49. A mayar da End zuwa 60, a danna Space.

Abin da zai bayyana ba zai gamsar ba. Ƙwallon za ta riƙa sassautawa kafin ta isa ƙasa, kamar wadda aka ɗaure da zare ana sauke ta a hankali. Dalili shi ne Blender na lanƙwasa motsi a kowane keyframe, ya shiga a hankali ya fita a hankali. Wannan daidai ne a ƙololuwa, inda ƙwallon gaske ke rage gudu ta ɗan dakata, amma a ƙasa kuskure ne, domin abu mai faɗowa gudunsa ƙaruwa yake har ya bugu.

Gyaran yana cikin Graph Editor, kuma nan ne ainihin darasin. A mayar da ɗaya daga tagogin zuwa can, a danna Home don layin Z ya fito duka. Zai yi kama da igiyar ruwa mai laushi sama da ƙasa. A zaɓi ɗigogin ƙasa kaɗai, na firam 13, 29, 41 da 49, a danna V, a ɗauki Vector. Kwarin zai yi tsini, ƙololuwa ta ci gaba da zama mai lanƙwasa. Da an sake kunnawa za a ga ƙwallon tana dukan ƙasa tana tashi nan take. Idan har yanzu tana kamar shawagi, a ja hannayen ɗigogin sama su ƙara faɗi, ta yadda za ta daɗe a sama ta faɗo da sauri.

Ƙwallon roba kan lotsa idan ta bugu. Ana nuna wannan da Scale: a firam na 13, Z ya zama 0.7, X da Y su zama 1.2, don kada girmanta ya ragu, sannan a kafa 1 a duka ukun a firam na 12 da na 15. Tunda cibiya ake aunawa, sai a sauke Location Z na firam 13 zuwa 0.7, in ba haka ba ƙwallon za ta lotsa a iska ba ta taɓa ƙasa ba.