Sharuɗɗa Uku a Takardar Ɗaukar Aiki: Gwaji, Ƙarin Lokaci da Sallama

Gabatarwa

Sau da yawa sabon ma'aikaci yakan duba adadin albashi kawai a takardar ɗaukar aiki, ya sa hannu. Alhali kuwa akwai sharuɗɗa uku da suka fi haddasa saɓani daga baya, wato na lokacin gwaji da na aikin ƙarin lokaci da na sallama. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. Za a bayyana sharuɗɗan nan uku ta hanyar misalin wani direba da wata makaranta mai zaman kanta ta ɗauka a kan albashin naira 88,000 a wata, ban da alawus.

Lokacin Gwaji

Lokacin gwaji shi ne wa'adin da ake ɗiba domin a auna ƙwazon ma'aikaci da halinsa kafin a tabbatar masa da aiki. Dokar ba ta ƙayyade tsawonsa ba, don haka abin da takarda ta faɗa shi ne abin bi. A takardar direban nan an rubuta wata shida. Ya kamata mai yi masa bayani ya nuna masa ranar da wa'adin zai cika, da ko an yarda a tsawaita shi. Idan ranar ta wuce ba a ce masa komai ba, sai ya nemi takardar tabbatarwa, domin rashinta yakan jawo gardama a kan matsayinsa ranar da rigima ta taso.

Aikin Ƙarin Lokaci

Duk sa'ar da ma'aikaci ya yi bayan sa'o'in da aka amince da su, ita ce ƙarin lokaci. A nan ma dokar ba ta yanka farashi ba, sai abin da aka yi yarjejeniya a kansa. Takardar direban ta ce zai yi sa'a 8 a rana, kwana 22 a wata, wato sa'a 176 ke nan. Idan aka raba 88,000 gida 176, kowace sa'a ta kama naira 500. Takardar ta ƙara da cewa ladan sa'ar ƙari ninki ɗaya da rabi ne, wato naira 750. Saboda haka in ya yi sa'a 10 na ƙari wajen kai ɗalibai gasa, haƙƙinsa naira 7,500 ne. Inda ake samun matsala shi ne rashin shaida. Wajibi ne ya riƙa rubuta sa'o'in, shugabansa yana sa hannu a ranar.

Sallama

Kowane ɓangare yana da ikon kawo ƙarshen aiki ta hanyar ba da notis. Sashe na 11 na dokar ya danganta mafi ƙarancin notis da daɗewa a aiki. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya ne. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu, sannan daga shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya.

A ɗauka an sallami direban a wata na biyar. Ko da yake yana cikin gwaji, ya wuce wata uku, don haka ya cancanci notis na aƙalla mako ɗaya a rubuce. In an zaɓi a biya shi kuɗi a maimakon notis, da tsagwaron albashi ake lissafi, ba a haɗawa da alawus ko kuɗin ƙarin lokaci. Kwana 5 na sa'a 8 a kan naira 500 ya kama naira 20,000. Amma naira 7,500 da ya riga ya yi wa aiki bashi ne, dole a biya shi daban. Wannan ya bambanta da kora saboda babban laifi, kamar sata, inda ba a buƙatar notis.

Kammalawa

Dokar Ƙwadago ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawu. Ba ta haɗa da masu gudanar da mulki da ƙwararru ba, waɗanda galibi takardar aikinsu ce madogararsu. Wannan ya sa ya zama tilas ɗalibin da zai shiga koyarwa ya karanta sharuɗɗan nan uku da natsuwa, ya adana kwafin takardarsa, domin ita ce hujjar farko da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta duba idan an kai ƙara.